Yadda ake mayar da dogon saƙon murya gajeren rubutu ba tare da an sauya maganar mai shi ba

Saƙon murya na minti shida ko bakwai da maigida ya turo daga wani gari, ko wanda Goggo ta turo bayan sallar isha'i, galibi ba domin mutum ɗaya aka yi shi ba. A ƙarshensa akan ji "ka sanar da yaran" ko "ki gaya wa 'yan'uwanki", daga nan kuma nauyin ya koma wuyan wanda aka turo wa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya tura saƙon yadda ya zo, sai dai direban da ke cikin cunkoson Kawo ba zai iya tsayawa ya saurari minti bakwai domin ya ciro jimla biyun da suka shafe shi ba, kuma sau da yawa a cikin saƙon akwai faɗa ko sirrin da mai shi bai yi nufin kowa ya ji ba. Saboda haka dole wani ya zauna ya mayar da maganar rubutu.

Abin da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe tun farko shi ne cewa mai saƙon murya yana tunani ne a daidai lokacin da yake magana. Yakan faɗi adadi, can gaba ya janye shi. Yakan fara umarni, wani abu ya faɗo masa a rai, sai bayan minti uku ya dawo ya ƙarasa. Don haka taƙaitawa ba rage yawan kalmomi ba ce kawai. Aikinka shi ne ka gano matsayar da mai maganar ya tsaya a kai daga ƙarshe, ka isar da ita da irin nauyin da ya ba ta, kada ka mayar da shawara umarni, kada kuma ka mayar da umarni shawara.

Kafin ka danna saƙon

Ka fara duba rana da lokacin da aka turo saƙon, ka rubuta su a saman takarda, domin duk wani "gobe" ko "jibi" da za ka ji a ciki daga wannan lokacin ake ƙirga shi, ba daga lokacin da kai ka saurara ba. Sannan ka duba ko saƙon irin wanda ake ji sau ɗaya ne, wanda WhatsApp ya shigo da shi a ƙarshen 2023. Idan irinsa ne, da zarar ka buɗe ka fita ba za ka sake jin sa ba, don haka kada ka taɓa shi sai takarda da biro suna gabanka kuma kana wurin da babu hayaniya. Haka nan idan hirarku tana kan tsarin da saƙonni ke ɓacewa da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, kada ka ɗaga aikin zuwa wani lokaci.

Idan kana cikin mutane, a shago ko a ofis, ka sa iyafis, ko kuma ka danna saƙon ka kara wayar a kunne kamar mai amsa kira, sautin zai koma ƙaramar sifikar sama. Ba ka san abin da ke minti na uku ba, kuma yana iya zama sunan wanda ke tsaye kusa da kai. Ka kuma sani cewa mai saƙon yana ganin alamar an saurara, domin hoton makirfon da ke jikin saƙon yana komawa shuɗi a wayarsa. Idan aikin zai ɗauke ka lokaci, layi ɗaya ya isa: "Na saurara, ranka ya daɗe, zan turo abin da na fahimta nan ba da jimawa ba."

Saurare biyu, kowanne da aikinsa

Sauraren farko na kunne ne kawai. Ka bar saƙon ya tafi daga farko har ƙarshe a gudunsa na asali, ba tare da ka rubuta komai ba. Dalili shi ne wanda ya fara rubutu tun daga daƙiƙar farko yakan kama adadin farko da ya ji ya riƙe, idan gyaran ya zo a minti na biyar hannunsa na kan wani rubutun, sai ya wuce shi. A wannan sauraren abubuwa uku kake nema: batutuwa nawa ne a cikin saƙon, su wa aka yi domin su, kuma a wane hali mai maganar yake, ko yana ba da umarni ne, ko yana neman shawara, ko ransa ne a ɓace yana sauke abin da ke cikinsa.

A saurare na biyu ne takarda ke shigowa. Duk lokacin da ka ji aiki, ko adadi, ko rana, ko wuri, ko sunan mutum, ka tsayar da saƙon, ka rubuta abin tare da mintin da yake nunawa a ƙasan layin sautin. Wannan mintin shi ne zai cece ka daga sake jin saƙon gaba ɗaya idan shakka ta taso, domin za ka ja ɗigon da ke kan layin kai tsaye zuwa wurin. A nan kada ka gyara komai tukuna. Ka rubuta kalmomin mai maganar yadda ya faɗe su, har da "mutumin nan" da "wajen can", domin idan ka fassara su tun yanzu ba za ka iya bambance abin da ya ce da abin da kai ka zata ba.

Tun 2021 WhatsApp yake da maɓallin ƙara gudu, 1.5x da 2x. Amfaninsa shi ne tsallake gaisuwa a saurare na uku ko neman wani wuri da ka riga ka sani. A ganina bai dace a ji adadin kuɗi ko lambar asusu da shi ba, domin a wannan gudun "sittin" da "saba'in", ko "talatin" da "tamanin", suna iya shigewa juna, balle idan akwai ƙarar janareta ko iskar mota a bayan muryar. Akwai kuma tsarin da ke mayar da saƙon murya rubutu da kansa, wanda aka fito da shi a ƙarshen 2024, amma Hausa ba ta cikin harsunan da ya fito da su, kuma ko inda yake aiki duk abin da aka faɗa yake zubowa, da adadin da aka janye da wanda aka tsaya a kai, ba tare da ya nuna maka wanne ne wanne ba.

Misali daga shagon kayan gini

A ɗauka kai ne akawun wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Kaduna. Ya tafi Kano, ya turo saƙo na minti shida ranar Litinin, 10 ga wata, da ƙarfe 11:40 na dare, kai kuma ba ka saurara ba sai Talata da safe. Ya fara da sallama da tambayar iyali, ya ba da labarin hanya, sannan ya shiga magana kamar haka: "To, Malam, simintin nan na Rigachikun, buhu ɗari biyu, jibi in Allah ya kai mu a kai musu, da sassafe dai, kar rana ta yi. Ka ba direba dubu sittin na mai. Sai mutumin nan na Barnawa, ka san shi ai, ɗari takwas da hamsin ɗin nan, a je a karɓo, ya isa haka." Daga nan ya yi kusan minti guda yana faɗa a kan mai kula da sito da ke makara, ya dawo kan rodi, ya sake komawa kan siminti.

Bayan saurare na biyu takardarka za ta kasance kamar haka:

0:40 siminti buhu 200, Rigachikun, "jibi da sassafe"
1:30 direba, dubu 60 na mai
2:10 "mutumin nan na Barnawa", "ɗari takwas da hamsin", a karɓo
3:00 faɗa kan mai sito
3:50 rodi, "in injiniya ya turo kuɗin sai a loda"
4:45 siminti, "a bar shi ɗari da hamsin, hamsin ɗin na mai shagon Kawo ne"
5:20 Asabar, "mu gani ko za mu rufe da wuri"
5:50 kuɗin mai, "ka cika masa saba'in"

Yanzu ka haɗa abubuwan da suke batu ɗaya, ko da sun yi nisa da juna a cikin saƙon. Layin 0:40 da na 4:45 batu ɗaya ne, kuma na bayan ya shafe na farkon: buhu 150 za a kai Rigachikun, 50 su zauna a sito. Haka layin 1:30 da na 5:50. Ƙa'idar ita ce maganar ƙarshe ita ke aiki, amma da sharaɗin cewa ka ji alamar gyara a bakin mai maganar, irin su "a'a", "kai, bari dai", "a bar shi", "na fasa". Idan adadi biyu suka saɓa kuma babu irin wannan alamar, ba kai za ka zaɓa ba, tambaya ce za ka mayar masa, domin yana yiwuwa mantuwa ya yi ba gyara ba.

Sai ka raba abin da ya rage kashi-kashi. Siminti da kuɗin mai da karɓo bashi umarni ne tsayayye. Rodi umarni ne mai sharaɗi, kuma a nan ne masu taƙaitawa suka fi yin ɓarna, domin kalmar "in" ƙarama ce, ita ce ta farkon faɗuwa idan ana neman gajarta. Wanda ya rubuta "a loda rodi" ya fitar da kaya bashi da sunan Alhaji alhali Alhaji bai yarda ba. Maganar Asabar kuwa ba matsaya ba ce ko kaɗan, tunani ne ya fito fili, kuma idan ta shiga saƙon yara a matsayin "za a rufe da wuri", ranar Asabar kowa zai shirya tafiyarsa. Ko dai ka bar ta, ko ka rubuta ƙarara cewa ba a yanke ba tukuna. Faɗan mai sito ba na kowa ba ne. Abin da ke cikinsa na aiki shi ne a buɗe sito a kan lokaci, kuma wannan shi kaɗai za a gaya wa, a keɓe, ba a zauren da direba da masu lodi suke karantawa ba.

Adadi, rana da wuri

Waɗannan ukun su ne inda bakin mai magana da idon mai karatu suka fi saɓawa, kuma sun cancanci a tsaya a kansu.

A kasuwa ba a cika furta "dubu" idan kowa ya san girman cinikin ba. "Ɗari takwas da hamsin" a bakin mai sayar da siminti ₦850,000 yake nufi, "miliyan ɗaya da ɗari biyu" kuma ₦1,200,000. Ko "dubu ɗari biyu da hamsin", wanda kowa ke ɗauka a ₦250,000, a zahirin lafazi yana iya zama ₦200,050. Tsofaffi kuma har yanzu wasunsu suna ƙirga da jaka, wadda take naira 200. Saboda haka a rubuce ka sa adadin da alƙaluma cikakku, da alamar naira da waƙafin da ke raba dubbai, idan kuɗin mai yawa ne ka ƙara shi da kalmomi a gefe. Idan akwai littafin bashi, ka duba shi: idan littafi ya ce ₦850,000 ake bin mutumin Barnawa, ka sami shaida ta biyu a kan adadin da kuma wanda ake nufi. Lambar asusun banki a Nijeriya alƙaluma 10 ce, lambar waya 11. Idan ka rubuta daga murya ka ƙirga ka ga sun gaza ko sun zarce, ka san ka yi kuskure, amma cikarsu ba ta tabbatar da daidai ba ne. Mafi aminci shi ne ka roƙi a turo lambar a rubuce, kuma kafin a tura ko sisi a duba sunan da manhajar banki ta nuna. Idan saƙo ya zo da sabon asusun da ba ka saba da shi ba, ka kira mai shi ta layin waya na yau da kullum, domin ana ƙwace wa mutane WhatsApp ɗinsu a nemi kuɗi da sunansu.

Batun rana ya fi wannan santsi. Alhaji ya ce "jibi" ranar Litinin da dare, wato Laraba, 12 ga wata. Kai ka ji ranar Talata, idan ka kwafi kalmar yadda take, direba zai karanta ya ƙirga daga Talata ya kai Alhamis. Da saƙon ya ƙara jinkirin minti talatin ya shigo bayan sha biyun dare, da waya ta nuna Talata alhali a ran Alhaji har yanzu Litinin ce tunda bai kwanta ba. Haka "gata" da "citta" da "mako mai zuwa" duk suke. Akwai kuma lissafin da muka gada cewa dare yana gaban yininsa, ta yadda "daren Juma'a" a wurin dattawa shi ne Alhamis bayan magariba, yayin da matasa da yawa suke ɗaukarsa Juma'a da dare. Maganin duka ɗaya ne: a rubutu kada ka bar kalmar da ke dogara da lokacin da aka faɗe ta, ka sa sunan rana da kwanan wata. Lokutan salla kuwa, irin su "bayan la'asar", ka bar su yadda suke idan haka aka faɗa, domin kowa ya san su, kuma idan ka mayar da su "ƙarfe 4:00" ka ƙirƙiro ƙa'idar da mai maganar bai sa ba. "Da sassafe" ya bambanta, tunda sassafen direba da na injiniya ba lallai su zama ɗaya ba, don haka yana cikin abin da za ka tambaya.

Wurare ma a Kaduna suna da tarkonsu. "Kabala" tana iya zama Kabala Doki, ko Kabala Kostain, ko Kabala ta yamma. "Tasha" tana iya zama ta Kawo, ko ta Mando, ko tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. "Tudun Wada" akwai ta Kaduna akwai ta Zariya. Mai magana yana ganin wurin a ransa, shi ya sa bai ga buƙatar bayani ba. Kai za ka cike, idan ka tabbata, ko ka tambaya.

Rubuta saƙon

Ka fara da wanda ya yi maganar da lokacin da ya yi ta, domin mai karatu ya san umarnin ba naka ba ne. Sannan ka jera ayyukan bisa gaggawarsu, ba bisa yadda suka zo a murya ba, kowane aiki a layinsa, kowane layi da sunan wanda zai yi shi. "A je a karɓo" yana da daɗi a baki, amma a rubuce yana nufin kowa zai jira wani ya je.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da rubutun Hausa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, saboda haka "ya biya" tana iya nufin ya riga ya biya, tana kuma iya nufin ana so ya biya. "Ka kai kayan" tana iya zama umarni, tana iya zama labari. A murya kunne yana rabewa nan take, a rubuce kuwa sai an taimaka wa mai karatu da kalma ɗaya ko biyu: "ya riga ya biya", "ana so ya biya", "za ka kai kayan". Haka nan haruffa masu ƙugiya, domin "baki" da "baƙi" ba abu ɗaya ba ne. Ka sa madannin Hausa a wayarka, kuma ka karanta kowane layi kamar wanda bai ji muryar ba.

Kafin saƙon ya je wurin kowa, mai maganar za ka fara mayar wa. Ka danna saƙon muryar ka riƙe, ka zaɓi Reply domin rubutunka ya rataya a jikinsa, ka rubuta:

"Ranka ya daɗe, barka da asuba. Ga abin da na fahimta kafin in sanar da yara. Siminti buhu 150 zuwa Rigachikun ranar Laraba 12 ga wata, buhu 50 su zauna na mai shagon Kawo. Kuɗin mai ₦70,000. A karɓo ₦850,000 a Barnawa. Rodi sai kuɗin injiniya ya shigo. Tambaya biyu: ƙarfe nawa mota za ta tashi, kuma ni zan je Barnawa ko a tura wani?"

Ka lura cewa tambayoyin biyu ne kacal, kuma kowacce ana iya amsa ta da kalma ɗaya. Maigidan da ya turo minti shida idan ka yi masa buɗaɗɗiyar tambaya wasu minti shidan zai turo. Wasu suna jin nauyin wannan matakin, suna ganin kamar nuna wa babba ne cewa maganarsa ba ta fito ba. Ni ina ganin akasin haka, domin yawancin iyayen gida sun fi son a tambaye su na daƙiƙa goma da a kai buhu 200 inda 150 aka biya, kuma amsarsa ta "haka ne" ita ce hujjarka idan wata rana aka ce ba haka aka faɗa ba. A ce ya amsa: "Bakwai. Kai ka je." Sai saƙon yara ya fita:

"Salamu alaikum. Saƙon Alhaji na jiya Litinin, ya kuma tabbatar da shi yau da safe.
Direba: za ka kai siminti buhu 150 Rigachikun ranar Laraba 12 ga wata, mota ta tashi ƙarfe 7:00 na safe. Ka zo ka karɓi ₦70,000 na mai a wurina yau Talata 11 ga wata.
Mai sito: a ware buhu 50 na mai shagon Kawo, kada a sayar.
Rodi: kada a loda sai na sanar cewa kuɗin injiniya ya shigo."

Bashin Barnawa bai shiga ba, tunda aikinka ne kai kaɗai kuma ba kowa ya kamata ya san wanda ake bi ba. Ma'aunin tsawo mai sauƙi shi ne saƙon ya shiga fuskar waya ɗaya ba sai an ja ƙasa ba. Idan ya ƙi, galibi saƙo biyu ne ka cusa wuri ɗaya, sai ka raba su bisa waɗanda za su karanta.

Idan saƙon na dangi ne

Matakan ba su sauya ba, amma abin da ake zubarwa ya sauya. A saƙon aiki gaisuwa da addu'a suna iya raguwa zuwa sallama. A saƙon Goggo kuwa suna cikin saƙon, kuma wadda ta cire su gaba ɗaya ta sa wa tsohuwa bakin da ba nata ba. Layi ɗaya ya wadatar: tana gaishe ku, tana sa muku albarka.

A ce Goggo ta turo wa 'yar ƙanenta minti takwas a kan kai lefe. Ta ce a haɗu a gidanta daren Juma'a a shirya akwatuna, a kai ranar Asabar bayan azahar Tudun Wada, kowa ya kawo dubu ashirin, "wanda dai Allah ya hore wa", sannan ta daɗe tana ƙorafi a kan wata da ba ta zo mata ta'aziyya ba. Yarinyar za ta fara komawa gare ta, kuma tunda tsofaffi da yawa ba su saba da karatun waya ba, kira ko gajeren saƙon murya ya fi: "Goggo, ina kwana, an tashi lafiya? Daren Juma'ar nan, Alhamis bayan magariba ke nan ko? Kuma Tudun Wadar nan cikin gari ce ko ta Zariya?" Abin da zai shiga zauren dangi sai ya zama gaisuwar Goggo, ranar haɗuwa da kwanan watanta, ranar kai lefe da wurin, da gudummawar ₦20,000 ga wanda Allah ya hore wa. Wannan ƙarshen jimlar ba ado ba ne. Shi ne ya bambanta roƙo da haraji, kuma idan ya faɗi, wanda ba shi da hali zai ji kunya ya ƙi zuwa, ko ya ce an yanka masa kuɗi ba shawara.

Ƙorafin ta'aziyya shi ne wuri mafi haɗari. Abin da aka faɗa da murya mai rauni, ana haɗawa da "Allah dai ya shirya", idan ya koma rubutu yakan fito a bushe kamar tuhuma, kuma rubutu yana zama, ana ɗaukar hotonsa a tura wa wanda ba ya wurin. Magana zarar bunu ce, ta rubuce kuwa ta fi wuyar mayarwa. Idan Goggo ba ta ce a isar ba, ba a isarwa. Idan ta ce a isar, a kira wadda abin ya shafa ita kaɗai a ce mata Goggo ta yi cigiyarta, ya kamata ta leƙa ta. Ba a ɓoye cewa akwai damuwa ba, ba a kuma ƙara mata gishiri ba. Ra'ayinka kai mai taƙaitawa, idan kana da shi, ka sa shi a saƙo dabam da sunanka, kada ya shiga ƙarƙashin "Goggo ta ce".

Yadda za ka gane an sami matsala

Alama ta farko ita ce tambayoyin da ke biyo bayan saƙon. Idan mutum biyu suka tambayi "yaushe?" ko "wa zai je?", layin ne bai fito ba, ba su ne ba su karanta ba. Idan wani ya ce "turo mana muryar mu ji da kanmu", ko dai rubutun ya yi kama da ra'ayinka, ko ka manta faɗin cewa mai maganar ya tabbatar. A irin wannan hali kada ka tura muryar sai da izinin mai ita, musamman idan akwai sunan wani a ciki. Idan kuma aka yi shiru gaba ɗaya a kan aiki mai lokaci, kamar motar da za ta tashi ƙarfe 7:00, alamar an karanta ba ta isa ba, ka kira direban ka ji ya maimaita adadin da bakinsa.

Idan kai ka gano kuskure bayan ka tura, WhatsApp yana ba da minti 15 a gyara saƙo ta hanyar Edit, amma wanda ya riga ya karanta ba ya samun sanarwar cewa an gyara, yana nan riƙe da tsohon adadin. Don haka gyaran harafi ne kawai ake yi a shiru. Kuskuren adadi, ko rana, ko wuri, sabon saƙo yake buƙata wanda ya fara da kalmar "Gyara", ya faɗi abin da aka rubuta da farko da abin da yake daidai, a rataye a jikin tsohon saƙon. Daga ƙarshe ka sa wa saƙon muryar da amsar tabbatarwar alamar Star, ka ajiye takardar mintocin a cikin littafin shago har sai an kai kayan, an karɓo kuɗin, kuma Alhaji ya dawo an yi lissafi.